Sefa ko jika: da wane lissafi za a rubuta kuɗi da kalmomi a faktir?

"Assalamu alaikum. Wani kafinta a nan Tawa ya kawo mini takardar farashi da faktir na Faransanci, yana so in mayar da su Hausa don iyayen yara na wata lekol. Jimillar 1 785 000 F ce. In rubuta ta da sefa, ko da jika da dala kamar yadda muke faɗa a kasuwa? Kuma yaya zan yi da 1ère tranche da 2e tranche?"

Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce a rubuta da sefa, amma bari mu jera hanyoyin biyu a kan lissafi guda domin ki ga inda kowace take da ƙarfi da inda take zamewa.

A ce kujeru 120 ne, kowace a kan 12 500 F. Kuɗin kaya ya kama 1 500 000 F, harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari ya kama 285 000 F, jimilla 1 785 000 F, wadda layin ƙasan faktir zai rubuta da un million sept cent quatre-vingt-cinq mille francs CFA. A lissafin sefa za ki ce: sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da dubu tamanin da biyar. A lissafin kasuwa kuwa, inda dala take sefa 5 kuma jika take sefa 1 000, wato dala metan, za a ce jika dubu ɗaya da ɗari bakwai da tamanin da biyar, kujera ɗaya kuma jika goma sha biyu da dala ɗari. Dukansu biyu daidai ne, kuma ba na musun cewa na biyun ya fi saurin shiga kunnen dattijon da ya saba ciniki a kasuwar Tawa, domin da shi yake sayar da albasarsa, da shi kuma yake biyan ɗan tasha.

Matsalar lissafin kasuwa tana fitowa ne da zarar an ɗora shi kusa da lambobi. Wanda ya karanta "sefa dubu goma sha biyu da ɗari biyar" ya dubi 12 500, zai ga kalmomi da lambobi sun yi daidai ba tare da ya yi wani lissafi ba. Wanda ya karanta "jika goma sha biyu da dala ɗari" sai ya ninka ɗari sau biyar kafin ya gane inda 500 ta fito, kuma amfanin rubuta kuɗi da kalmomi tun asali shi ne ya zama shaida ga lambobin, ta yadda ba wanda zai ƙara sifili ko ya goge shi. A dokar ceki ta ƙasashen da ke amfani da sefa a Afirka ta Yamma, idan kalmomi suka saɓa wa lambobi, kalmomin ake bi, shi ya sa akawu ko ma'aikacin banki yake fara duban wannan layin. Mafi hatsari shi ne a gauraya biyun: mai fassara ya ga 500 F ya rubuta "dala ɗari biyar", alhali dala ɗari biyar sefa 2 500 ce. Alamar wannan kuskure ba ta ɓoyuwa, domin duk inda aka samu bambanci ninki biyar daidai tsakanin kalmomi da lambobi, to dala ce ta shiga gurbin sefa.

Akwai kuma batun iyaka. Birnin Ƙonni da Illela maƙwabta ne, takardu suna ƙetarawa kullum, kuma a wancan ɓangaren jaka naira 200 ce, dala kuwa ga mai karatu a Sakkwato ko Kano kuɗin Amurka ne. Takardar da ta ce "dala dubu biyu da ɗari biyar" tana nufin kujera ɗaya a Tawa, tana kuma nufin wani abu dabam ƙwarai a can. Kalmar sefa ba ta da wannan fuska biyu.

Sai dai lissafin sefa ma yana da nasa rami, kuma nan ne nake so ki fi sa ido. Hausa tana sa "dubu" a gaba, sannan ta jero sauran da "da", don haka "dubu ɗari bakwai da tamanin da biyar" wani zai ji 785 000, wani kuma 700 085. Maganinsa shi ne ki maimaita "dubu" kafin tamanin, kamar yadda na yi a sama, ki kuma sa lambobin nan take a bayan kalmomin. Idan kuwa ragowar ƙananan kuɗi ne na gaske, sai ki maimaita sunan kuɗin: 80 005 F ta zama "sefa dubu tamanin da sefa biyar". A nan jika ta fi sefa tsabta, domin "jika ɗari bakwai da tamanin da biyar" ba ta da wata ma'ana ta biyu, kuma wannan ne kaɗai wurin da zan ce ta yi nasara. Ki lura kuma da Faransancin kansa: quatre-vingt-cinq ashirin huɗu ne da biyar, wato 85, ba 425 ba, haka soixante et onze sittin ne da sha ɗaya, wato 71. Kada ki fassara kalma bayan kalma. Ki mayar da kalmomin Faransanci lambobi a wata takarda, ki gwada su da jimillar, sannan ki rubuta Hausar daga lambobin.

Game da biya kashi-kashi, "na" ko "ta" ce take raba jeri da adadi: biya na biyu dabam, biya biyu dabam. Ina ba da shawarar a guje wa kalmar "kashi" a wannan wuri, domin ita ce kuma muke amfani da ita wajen kashi cikin ɗari, kuma "kashi na farko kashi 40" yana rikita mai sauraro. A ce an yi sharaɗin kashi 40 kafin fara aiki, saura 60 ranar kawo kaya. Sai ki rubuta: "Biya na farko, kashi 40 cikin ɗari, sefa dubu ɗari bakwai da dubu goma sha huɗu, 714 000 F, biya na biyu, kashi 60 cikin ɗari, sefa miliyan ɗaya da dubu saba'in da ɗaya, 1 071 000 F." Haɗa su ya ba da 1 785 000, kuma wannan haɗin gwaji ne da ya kamata ki yi kafin takardar ta bar hannunki. Idan kin ci karo da tiers, wannan sulusi ne, ɗaya bisa uku na kuɗin, ba biya na uku ba. Kwanan wata kuma ba ya ɗaukar "na": 1er mars shi ne 1 ga Maris.

Saboda haka layin ƙasan faktir ya tafi da sefa, tare da lambobinsa kamar yadda suke a takardar asali, da tazarar da ke raba dubbai, kada a mayar da ita waƙafi, domin a rubutun Faransanci waƙafi gutsuren lamba yake nunawa. Tunda iyayen yara za a karanta wa, kina iya ƙara layi guda a ƙasa, a ware daga jimillar da aka sa wa hannu, mai cewa "a lissafin kasuwa, jika 1 785", ki kuma gaya wa kafintan cewa ke kika ƙara shi, domin babu shi a takardarsa ta Faransanci.