Za Ka Yi Kwalbati a Ƙofar Gida? Ga Abin da Za Ka Zaɓa da Abin da Zai Ci

Duk wanda ke da gida ko shago a bakin titi a Gusau ya san ruwan Agusta ba ya jiran kowa. In ka tashi yin kwalbati, za a kawo maka shawara kala-kala. Wani zai ce a jera bulo mai inci tara a cika raminsa da kankare. Wani zai ce a liƙa dutse da siminti. Akwai kuma wanda ake zubawa a wani wuri a kawo a jera, sannan akwai zubin kankare da rodi a nan inda aka haƙa.

Ni na ƙarshen nan nake zaɓa, ba na ɓoyewa. Liƙin dutse yana son fili mai faɗi, ba na ƙofar shago ba ne. Wanda ake kawowa a jera yana da kyau, amma kuɗin mota da na ɗagawa sun fi ƙarfin mai mita talatin. Shi kuwa bulo, a layinmu aka yi shi, tifa ta tsaya a gefensa bayan an kwana ana ruwa, bangon ya kwanta ciki gaba ɗaya. Dalilin a fili yake: jiƙaƙƙiyar ƙasa da nauyin mota suna tura bango daga waje, bulo kuma ba shi da abin da ya ɗaure shi da gindinsa. A zubin kankare, rodi ɗaya ne yake saukowa ta wannan bango, ya bi ta ƙasa, ya hau ta wancan. Bango ba zai faɗi ba sai ya karya ƙarfen.

Masu cewa ya fi tsada gaskiya suka faɗa. Amma kafin ka tsorata, zauna ka yi lissafi da kanka, don kada magini ya faɗa maka adadi da ka.

A ce tsawon mita 30 ne, cikin kwalbatin faɗinsa santimita 60, zurfinsa 60, kaurin kowane bango 15, kaurin gindi 15. Ka ɗauka an yanka shi a tsaye kana kallon bakin yankan. Faɗin gindi ya zama 90, tunda bango biyu suna zaune a kansa, wato 0.9 sau 0.15, ya ba ka 0.135. Bango biyu kuwa 0.6 sau 0.15 sau biyu, 0.18 ke nan. Haɗa su, 0.315. Ninka da tsawo, ka sami kubik mita 9.45. Da abin da zai zube da inda haƙa ta zarce, ka ce 10.

Haɗin da aka saba shi ne ɗaya, biyu, huɗu. A wurin aiki buhun siminti ɗaya kwanon sarki biyu ne, don haka buhu ɗaya zai ci kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Da wannan haɗi kubik ɗaya yana cin buhu shida da ɗan ɗori, kubik 10 ɗinmu ya kama buhu 63, yashi kusan kubik huɗu da rabi, tsakuwa kusan tara. Ƙara buhu shida ko bakwai na siririn zubin da ake fara shimfiɗawa a ƙasa, mai kaurin santimita biyar, don kada rodi ya zauna kan turɓaya. Buhu 70 ke nan. In wani ya ce zai gama maka da 45, ba ƙwarewa ba ce, yashi zai cika maka.

Sai rodi. Ga ƙaramin kwalbati irin wannan, mai milimita 10 da ake rubutawa Y10 a takarda, a tazarar santimita 20, shi aka fi amfani da shi. In an bar santimita biyar tsakanin ƙarfe da fuskar kankare, kowane lanƙwasasshen rodi zai zama 80 a ƙasa, 65 a kowane gefe, jimla mita 2.1. Mita 30 a tazarar 20 guda 151 ne. Sandar rodi mita 12 ce, tana ba da guda biyar da ragowa, saboda haka sanda 31. Na kwance, masu bin tsawon kwalbatin, layi biyar a gindi, uku-uku a bango, 11 ke nan. Inda sanda ta haɗu da sanda sai an ɗora su da rabin mita, shi ya sa kowane layi ya zama mita 31, duka su ci kusan sanda 30. Jimla sanda 61, bai kai rabin tan ba. Murfin da mota za ta hau a ƙofar gida ba ya cikin wannan lissafi. Shi yana son rodi mai kauri, kuma in babbar mota ce za ta bi, a nemi injiniya ya zana.

To, duk lissafin nan banza ne in ƙarfen da aka sayar maka ba shi ba ne, kuma nan ne aka ƙona ni. Wani mai shagon rodi ya ɗora min kaya yana cewa, "Alhaji, wanga cikakke na, ko gada ka yi da shi." Da mai ɗaurin rodi ya ɗaga sanda ɗaya sai ya girgiza kai, ya ce, "Yallaɓai, wannan bai kai goma ba." Milimita tara ne. Ido ba ya ganin bambancin, amma milimita ɗayan nan ta kwashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na naman ƙarfen.

Kada ka dogara da aune kauri, domin ƙusoshin jikin rodi suna ruɗi. Sikeli ne ba ya ƙarya. Ka sa a yanko maka mita ɗaya cif, ka ɗora. Mai milimita 10 na gaskiya gram 617 ne, mai 12 gram 888. In ka ga naka yana wajen 500, tara aka ba ka da sunan goma. Sanda guda cikakkiya kilo 7.4 ce, tan ɗaya kuma yana zuwa da sanda 135 ko kusa da haka. Wanda ya yi maka alfaharin cewa tan ɗinsa ya fi na kowa yawan sanda, ya gaya maka da bakinsa cewa rodinsa siriri ne. Ka auna tsawon ma, don ba kowace sanda ke cika mita 12 ba. Sannan ka sa a lanƙwasa guntu a gabanka. In ya tsage a gwiwa ko ya ɓalle, bar shi, domin rodin kwalbati gwiwa biyu ne da shi kuma a nan nauyin yake taruwa.

Siminti kuma, ba sunan kamfani nake fara dubawa ba. Na masana'antar Kalambaina da ke Sakkwato ne ko na wani wuri, abin tambaya shi ne wata nawa ya yi a ajiye. Cusa hannu cikin buhu. In ka ji dunƙule mai tauri da ba ya murjewa da yatsa, danshi ya riga ya shiga. Duba ɗinkin baki, buhun da aka farke aka rage aka sake ɗinkewa yakan nuna, kuma ka ɗora biyu ko uku a sikeli ka ga kilo 50. Tsakuwa, fasasshen dutse ya fi ta rafi kama siminti, kuma mu nan dutse bai yi mana nisa ba. Yashi, damƙe shi a jiƙe ka buɗe hannu. In ya bar maka laka a tafi, ƙasa ta yi yawa.

Ranar zubi ka tsaya da kanka. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin gudu, kuma ruwan nan shi ke kashe ƙarfin kankare. Ka tabbatar an sa ƴan guntayen kankare a ƙarƙashin rodi sun ɗaga shi, an soka foka, wato injin girgiza kankare, ko aƙalla an caccaka da sanda har kumfa ta fita. In an cire katako ka ga ramuka irin na saƙar zuma rodi yana leƙowa, nan tsatsa za ta fara, a toshe tun a ranar. Bayan haka a rufe da buhunan algarara a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana bakwai, kuma kada a mayar da ƙasa a bayan bango ko a bar mota ta matso kusa kafin lokacin ya cika.