Wata huɗu ina karɓar saƙon biyan kuɗi ta webhuk

A da, in mai saye ya ce ya biya, sai na buɗe shafin kamfanin da ke karɓar min kuɗi na yi ta leƙawa. Wata huɗu ke nan da na haɗa webhuk, wato hanyar da kamfanin ke turo sanarwa da kansa da zarar an biya, kuma gaskiya na huta, ko da yake makon farko ya ba ni ciwon kai.

Haɗawar ba wuya. Na ba kamfanin wani adireshi a sabata, wato kwamfutar da ke min aiki a intanet. Da zarar kuɗi sun shiga, sai su turo buƙatar `POST` ɗauke da lambar cinikin da adadin kuɗin, ita kuma sabar ta umarci kamfanin tura tes ya aiko min da saƙo. Yawanci kafin in ajiye wayar ta yi ƙara.

A rana ta uku aka biya sau ɗaya, saƙo ya zo min sau uku. Har na fara murna, ashe ciniki ɗaya ne. Laifin nawa ne. Kamfanin karɓar kuɗin yana jiran sabata ta amsa da `200`, alamar ta karɓa. In amsar ta yi jinkiri, sai ya ɗauka bai isa ba, ya sake turowa. Ni kuwa na tsara sai tes ya fita tukuna a amsa, ranar kuma masu tura tes ɗin suna tafiyar hawainiya. Da na duba rajistar sabar, sai ga lambar ciniki ɗaya ta shigo sau uku, a nan na gane.

Gyaran da na yi shi ne na juya tsarin. Yanzu sabar tana adana lambar cinikin, ta amsa `200` nan take, sannan tes ya bi layi ya fita. In lambar da aka riga aka adana ta sake zuwa, a amsa mata, amma ba a tura komai. Tun ranar ban sake ganin maimaici ba.

Kada kuma a yi wasa da sa hannun da ke zuwa tare da buƙatar. Duk wanda ya san adireshinka zai iya turo maka labarin biyan ƙarya. Ana tantance sa hannun da lissafin `HMAC` da makullin sirri, kuma a kan saƙon kamfanin yadda ya zo ɗanye, don ko tazara ɗaya ta canja, lissafin ba zai dace ba.

Abin da ya rage yana ba ni haushi shi ne haruffanmu. Tes ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da na rubuta "kuɗi" da ɗ mai lanƙwasa, sai ya koma 70, aka caje ni saƙo biyu. Dole na haƙura nake rubuta "kudi".