Wata uku ina wasa ɗaya a wayoyi biyu: abin da Google Play Games yake ajiyewa da abin da ba ya ajiyewa

A ƙarshen damina na shiga Kano na sayi sabuwar waya a kasuwar Farm Centre, na dawo ƙauyenmu da ke gefen Ringim da niyyar bar wa ƙanena tsohuwar. Abin da ya sa na jinkirta miƙa masa ita shi ne wani wasan noma da gina gari da na fi shekara ina yi da daddare bayan na gama duba littattafan ɗalibai, har na kai mataki na 46. Wannan sharhi a kan yadda Google Play Games, wato tsarin Google na asusun 'yan wasa a wayoyin Android, ya ɗauke mini wasan daga waccan waya zuwa wannan ne, da kuma inda na yi tuntuɓe.

Ranar farko komai ya tafi daidai. Na shigar da imel ɗina na Google a sabuwar wayar, na sauke wasan, ina buɗe shi sai sunana na Play Games ya leƙo a saman fuskar waya, bayan ɗan jira kuma gonata ta bayyana yadda na bar ta. Sai daga baya na gane cewa abubuwa biyu ne suka faru a lokacin, ba ɗaya ba. Sunan ɗan wasa da hotonsa da lambobin yabon da ya tara suna manne da asusun Google, duk wayar da ya shiga za su bi shi. Ci gaban da ya samu a cikin wasa kuwa, wato matakinsa da kuɗinsa da gine-ginensa, wani fayil ne daban, kuma masu ƙera wasan ne suke yanke shawarar inda za a ajiye shi. Wasu suna ajiye shi ta hanyar Play Games, wasu a kwamfutocin kamfaninsu, wasu kuma ba sa fitar da shi daga cikin waya ko kaɗan. Saboda haka ganin sunanka ya leƙo ba hujja ba ce ta cewa wasanka yana ajiye a intanet. Na tabbatar da haka da wani wasan tseren mota da ke tsohuwar wayar: da na sauke shi a sabuwar, ya gaishe ni da sunana, sannan ya mayar da ni tseren farko.

Ga wasannin da suke amfani da ajiyar Play Games, fayil ɗin yana zama ne a wani ɓoyayyen sashe na Google Drive na mai wasan, wato ma'ajiyarsa ta Google a intanet, kuma kowane fayil ba ya wuce megabayit 3. Idan aka auna wannan da gigabayit 15 da kowane asusu yake samu kyauta, ba wuri ne matsalar ba, ba kuma kuɗin data ba. Matsalarmu a nan ita ce lokacin da fayil ɗin yake samun damar tafiya.

Wasan yana fara rubuta ci gabanka a cikin wayar, sai an samu sabis sannan ya tura kwafi sama. A gidanmu sabis ba ya shiga ɗaki, sai mutum ya fito bakin masallaci ko ya tsaya gindin dalbejiyar ƙofar gida, ni kuma na saba kashe data da zarar na gama duba saƙonni. Wata Alhamis na kai sabuwar wayar wurin mai caji, sai na ɗauki tsohuwar na yi wasa a ɗaki kusan awa uku ba tare da data ba, na kai mataki na 48. Washegari bayan sallar Juma'a na karɓo sabuwar, na kunna data, na buɗe wasan na girbe masara na minti biyar, ban ma lura cewa a mataki na 46 yake ba, domin tsohuwar ba ta tura komai ba tukuna. Daga nan sai tarihin gonata ya rabu biyu: akwai na 48 a cikin tsohuwar waya, akwai na 46 a intanet wanda ya fi shi sabunta.

Da yamma ƙanena ya fita da tsohuwar waje ya kunna data, sai ya dawo da sauri yana cewa, "Yaya, ga wani abu ya fito, wai a zaɓi ɗaya." Akwatuna biyu ne a fuskar wayar, kowanne da kwanan wata da lokaci. Ban tsaya karanta ƙananan lambobin da ke ƙasa ba, na danna na ranar Juma'a don a ganina sabo ya fi tsoho, nan take aikin awa uku ya tafi. Laifina ne, domin matakin yana rubuce a wurin. Ba a haɗa fayil biyu irin waɗannan su zama ɗaya a yawancin wasanni, sai dai ɗaya ya danne ɗaya. Wasan nawa ma ya kyauta da ya tambaye ni, domin tsarin ya ba masu ƙera wasa damar yin zaɓin da kansu ba tare da sun nuna komai ba, ko dai su ɗauki wanda aka taɓa a ƙarshe, ko wanda aka fi daɗewa ana yi, ko wanda ya fi nisa. A wasan da yake bin ƙa'idar farko, minti biyar ɗina na ranar Juma'a za su iya shafe daren Alhamis ba tare da na ga akwati ko ɗaya ba.

Akwai hanya ta biyu da mutane suke dogara da ita, wato ajiyar wayar gaba ɗaya da Android yake yi, wadda take ɗaukar har megabayit 25 na bayanan kowace manhaja da ta amince. Ita kuwa tana yin aikinta ne da kanta idan waya tana kan caji, ba a taɓa ta, tana kan wayfay, kuma an yi awa 24 da ajiyar baya. Duk wanda ya san rumfar mai caji ya san cewa a kashe muke miƙa waya don ta yi saurin cika, wayfay kuwa babu shi a garin, don haka da na duba tsohuwar wayata sai na tarar ajiyarta ta ƙarshe tun wata tafiya da na yi zuwa Dutse ce. Maganin shi ne a shiga Settings, a zaɓi Google, sannan Backup, a ba shi izinin amfani da datar waya, a danna Back up now da hannu a inda sabis yake da ƙarfi.

A wata biyun da suka biyo baya ban sake rasa komai ba, kuma a kan haka nake cewa tsarin ya cancanci a dogara da shi, muddin mutum ya san cewa ba ya aiki sai da sabis. Yanzu kafin na ajiye waya ɗaya na ɗauki ɗaya, nakan fita gindin dalbejiya na kunna data, na buɗe wasan na bar shi kamar minti ɗaya, na fita daga cikinsa ta hanyar da ya tanada. A waya ta biyu kuma ba na taɓa komai sai na ga lambar mataki da yawan kuɗi sun yi daidai da abin da na bari. Idan ba su yi ba, sai na rufe na koma wa ta farko. Wanda zai koma iPhone ya lura cewa ajiyar Play Games ba ta bin sa can, sai idan wasan yana da nasa asusun da za a haɗa tun kafin a canza waya.

Da na tashi miƙa wa ƙanena tsohuwar wayar, sai da na tabbatar gonar ta iso sabuwar, sannan na cire asusuna, na wanke wayar tas, na buɗe masa nasa imel. Ya fara tasa gonar daga mataki na ɗaya, jiya ya ce mini ya kai na 19.