Rodin Z da kofula da na yi oda: abin da na tarar

Wallahi ban so yin magana ba, amma gara in faɗa. Firintar 3D ɗina ta fara fitar da zobe-zobe a jikin aiki, sai na yi odar sabon rodi T8, mai ɗaga hannun firinta sama da ƙasa, da kofula mai haɗa shi da sandar moto, daga wani mai sayarwa a Legas. Kaya suka sauka a Sabon Gari cikin leda kawai, ko kwali babu, rodin ƙarfe mai siririn jiki an jefa shi ƙarƙashin buhunan mutane.

Na ɗaura na buga kofin biro mai tsayin milimita 100, kai, ya fi na da muni, ka shafa da yatsa ka ji gargada kamar bayan kada. Na sa rula na auna, duk milimita 8 zoben yake dawowa, ba ya kuskure. Shi wannan rodin zagaye ɗaya yana ɗaga hannun firinta milimita 8, to in kaurin kowace leya, wato shimfiɗa ɗaya ta robar da ake bugawa, milimita 0.2 ne, duk leya 40 ke nan yake tura kan firintar gefe ya dawo da shi. Na kwance shi na mirgina a kan gilashin bed, farantin da ake buga aiki a kai, tsakiyarsa na ɗagawa tana sauka, har haske kake gani ta ƙasa. A lanƙwashe yake. Na tura wa mutumin bidiyo, ya ce "Alhaji ai ɗaurinka ne", shi ke nan bai ƙara amsa ni ba.

Amma a yi adalci, kofular tana da kyau, ta milimita 5 zuwa 8 ce, mai matse sanda ta kowane gefe, ba irin mai ɗan noti da ke cizon wuri ɗaya ba. Ita ce ma ta tona min asiri. Da na duba tsohon aikina sai na ga zobensa ba shi da tsari, wani kusa wani nesa, ashe tsohon rodin lafiyarsa ƙalau, kofularsa ce ta saki. Na mayar da tsohon haɗin na ja layi da maka daga sandar moto zuwa kofula, bayan hawa da sauka biyu layin ya rabu. Notin ma ba a kan shafaffen gefen sandar yake zaune ba. Alanki kawai nake buƙata tun farko!

Yanzu tsohon rodi ne da sabuwar kofula, na bar 'yar tazara tsakanin sandar moto da rodin, na kuma cire boris ɗin da na ƙara a sama, don in ka kame rodi sama da ƙasa duk 'yar karkatarsa a jikin aikinka za ta fito. Kofi ya fito sumul.

Sai dai har yanzu abin na cina, kuɗin rodi da na mota sun tafi, kwana huɗu ina ba kwastoma haƙuri, kuma bututun roba na ɗari nawa ne da mai sayarwar zai zura rodin a ciki? Kofula a saya, rodi kuwa kar ka biya sai an mirgina maka shi a gilashi ka gani.