Hattara da masu sayar da inkubeta da sunan wai PID ce

Jama'a masu ƙyanƙyasa a yi hattara, akwai wani da ke tallan ƙananan inkubeta mai cin ƙwai 48 yana cewa kwantirolan PID ne a ciki, ya ninka kuɗi saboda wannan sunan kawai, alhali wallahi tamostat ne na kunna-kashe irin mai araha aka manna masa sitika. Ni na saya, shi ya sa nake magana.

Bari in yi bayanin bambancin don kar a ce ƙazafi nake. Ƙwan kaza yana son zafi wajen digiri 37.5 na Celsius in akwai fanka a ciki, har kwana 21. Tamostat na kunna-kashe da tazara yake aiki, ita ce ake ce wa histarasis. In ka saita 37.5 da tazarar 0.3, hita za ta kama a 37.2 ta mutu a 37.5, shi ke nan. Kuma wannan ba laifi ba ne fa, mutane da yawa da shi suke fitar da 'yan tsaki lafiya lau, in dai hitar ƙarama ce kuma fanka na juya iska. Matsalar ita ce ko an yanke wuta hitar ba ta huce nan take, zafin da ya taru a jikinta yana ci gaba da fita, sai ya zarce inda aka saita. PID kuwa ba ya jira sai an kai layi, yana duba nisan da ya rage, da tsawon lokacin da aka ɗauka ba a kai ba, da saurin da zafin ke hawa, sai ya riƙa rage wutar tun kafin a iso. Misali a kowane daƙiƙa 2 ya ba hita wuta na 0.6 ya ɗauke na 1.4, kashi 30 cikin 100 ke nan, a haka zafin zai tsaya kusan wuri ɗaya.

To tawa fa? Sikirin ɗinta kullum 37.5, ko motsi babu, ni kuma ina ta murna na samu kaya. Ashe lambar da aka saita yake nunawa ba zafin da ke ciki ba. Ranar 19 wasu suka fara fasa ƙwai, da yawa cibiyarsu ba ta rufe ba, wasu ƙafa a warwatse, sauran sun mutu a ciki, kuma duk wanda ya daɗe a harkar ya san fitowa da wuri haka yawanci zafi ne ya yi yawa. Da na sa tamomita daban daidai tsayin ƙwai sai na ga yana lilo daga 36.5 har ya wuce 39, tazarar da suka bari digiri 1 ce cur ga hitar ta fi ƙarfin ɗan akwatin. Na yi masa magana ya ce wai ƙwaina ne ba su da kyau, daga nan ya daina ɗaga waya.

Kafin ka biya, ka kasa kunne. In kana jin ƙas, shiru na wasu mintuna, sai kuma ƙas, rile ne mai ƙarfe, wato makunnin da ke ba hita wuta, yake kunnawa da kashewa. PID mai saurin nan da SSR yake tafiya, wato rilen da babu ƙarfe mai motsi a cikinsa, shi ba ya yin ƙara ko kaɗan, za ka ga an rubuta 3-32VDC a gefen shigarsa. Dalili kuwa lissafi ne, kunnawa duk daƙiƙa 2 sau 43,200 ne a rana, rile mai ƙarfe kuma yawanci wajen sau 100,000 aka ƙiyasta masa in yana ɗauke da cikakken lodi, ka ga ba zai yi ƙarko ba. Eh akwai PID na gaske mai rile, amma zagayensa a hankali ne kamar daƙiƙa 20, kuma shi ma dole ka samu P da I da D a cikin saitinsa, galibi har da AT wanda yake gwada akwatin ya zaɓi lambobin da kansa. In saitin tazara kaɗai ka gani, ba PID ba ne ko me aka rubuta a kwali.

Sannan ka buɗe murfin ka ƙirga 30, lambar sikirin dole ta sauka. In ta tsaya ƙyam a 37.5 ka ajiye masa kayansa.

Wanda ya riga ya saya irina kar ya jefar, ka rage tazarar zuwa 0.2 ko 0.3, ka sa hita mai ƙarancin wat, sensa ta zauna daidai saman ƙwai ba kusa da hita ba, ka sa gorar ruwa a rufe a ciki don ta riƙe zafi ta rage lilon, kuma ka bar ta ta yi awa 24 babu ƙwai kana bin ta da tamomita naka na daban kafin ka zuba ko ɗaya.