Wane kundi ya dace da dogon labari? Abin dubawa kafin a saya

Dogon ƙagaggen labari ba a gama shi a zama ɗaya. Mutum na iya shafe wata biyu yana bin littafi mai shafi 600, kuma tambayar da ta ɗarsu masa a babi na 4 wataƙila sai a babi na 37 amsarta za ta fito. Saboda haka, kafin a duba kyan bango, a fara tambaya ko kundin da za a riƙa rubuta tambayoyi a ciki yayin karatu zai bar mutum ya koma baya cikin sauƙi, ya tarar da tsohuwar tambayarsa, ya kuma sami fili a gefenta ya rubuta amsa. A kan wannan ma'auni muka ɗora duk zaɓin da ke ƙasa.

A fara da lissafin shafuka, domin nan aka fi yin kuskure. A ce labarin yana da shafi 600 da babi 48. Tsarin da ya fi aiki shi ne a ba kowane babi shafi biyu masu kallon juna. Na dama a rubuta abin da mutum ya ji da tambayoyinsa, na hagu a bar shi fayau sai ranar da amsa ta zo, ko ranar da ra'ayi ya sauya. Wannan kaɗai ya ci shafi 96. A ƙara 4 na sunayen mutanen labarin da dangantakarsu, 2 na jerin abin da ke ciki, 10 na jimlolin da suka burge mai karatu. Jimilla 112 ke nan. Littafin rubutu mai shafi 96 zai ƙare ana tsakiyar daɗin labari, a koma neman na biyu, tambayoyi na can amsoshi na nan. A kuma lura da abin da aka buga a bango: wasu kamfanoni falle suke ƙirgawa, wasu shafi. Falle 80 shafi 160 ne, ya isa har da rara. Shafi 80 kuwa falle 40 ne kacal.

Batun girma ba ya buƙatar dogon bayani. A5, wato santimita 14.8 da 21, shi ne daidai wa daida: kusan girman littafin da ake karantawa, ana haɗa su a riƙe da hannu ɗaya. Idan tazarar layukansa milimita 7 ce, shafi zai ɗauki layi 26 ko kusa da haka. A6 yana shiga aljihu, amma jimla ɗaya mai tsawo da aka kwafo sai ta cinye rabin shafi. A4 sai da tebur, kuma mafi yawan karatun labari a kan gado ko kujera ake yin sa, don haka kundin da ke jiran tebur yakan zauna ba a taɓa shi ba.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne yadda aka haɗa takardun. Akwai wanda aka ɗinke da zare, akwai na gam, akwai mai murɗaɗɗen ƙarfe a gefe. Mai karatu hannunsa ɗaya na riƙe da labarin, ɗayan na riƙe da biro, babu na uku da zai danne kundi. Na ɗinki idan an buɗe shi a tsakiya yakan kwanta shimfiɗe, kuma ana iya ganin zaren a tsakiyar kowane ƙunshin takardu. Na gam yakan rufe kansa da zarar an sake shi, idan kuma aka matsa masa don ya kwanta, gam ɗin ya tsage, bayan 'yan makonni fallaye su fara zarewa. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe shi a tsakiya, a ajiye, a ɗauke hannu. In ya rufe, a bar shi. Mai ƙarfe yana kwanciya sarai, har ana naɗe shi baya, sai dai ƙarfen yana tokare hannun mai rubutu da dama idan ya zo shafin hagu, wato daidai shafin amsoshi. Ramukan takardar ma suna yagewa saboda yawan juyawa, alhali wannan kundi aikinsa ke nan, a yi ta juya shi gaba da baya. Mu dai na ɗinki muka fi amincewa da shi.

Kaurin takarda ana rubuta shi da gsm, ma'ana nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar a giram. Mai 60 ko 70 siririya ce, rubutun baya yana leƙowa ta gaba. Mai 80 ta ishi biro da fensir. Wanda ke rubutu da alƙalami mai jiƙaƙƙiyar tawada, ko mai son shafa launi a kan layi, ya nemi 90 zuwa 100. Wuce haka nauyi ne kawai ake ƙara wa jaka. Idan babu lambar a jiki, a ɗaga falle ɗaya a hasken fitila a sa yatsa a bayansa. In inuwar yatsan ta fito ƙarara, tawada ma za ta fito.

Sai kuma masu cewa me ya sa ba za a yi a wayar hannu ba. Manhajar ajiye rubutu tana da fifiko ɗaya da takarda ba za ta taɓa kamo ta ba, wato bincike. A rubuta sunan wani mutumin labari, nan take duk inda aka ambace shi ya bayyana. Ga labari mai mutane hamsin wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Illarta ita ce ɗaukar waya a tsakiyar babi yana buɗe ƙofar saƙonni, kuma ɗaukar hoton shafi ya fi kwafe jimla sauƙi, sai mutum ya tara hotuna ɗari ba tare da ya rubuta dalilin da ya sa ko ɗaya ta taɓa shi ba. Wanda ke karanta littafin a na'ura ya san wani abu kuma: a manhajoji da yawa lambar shafi tana sauyawa da zarar an ƙara girman haruffa. Ko a bugun takarda, shafi na 212 a wani bugu ba shi ne na 212 a wani ba. Don haka kowace jimla da aka kwafo a rubuta mata babi tare da shafi, misali 17/212, a kuma rubuta wane bugu ne a shafin farko na kundin.

Ƙananan takardu masu mannewa ba su isa su zama kundi ba, amma abokan aikinsa ne. Idan labari ya ɗau zafi, tsayawa rubutu yana kashe shi, sai a manna ɗaya a gefen layin a wuce, a dawo a kwafe bayan an gama babin. Kada a bar su su daɗe a cikin littafin aro ko tsohon bugu, domin gam ɗinsu yana iya barin tabo ko ya ɗago fuskar takarda. Katunan rubutu kuwa, falle-falle, sun dace da mai nazarin da zai so ya sake jera jimloli bisa jigo daga baya. Ga mai karatu don jin daɗi, ɓacewa suke yi.

Kundi mai shafuka da aka riga aka buga wa lamba yana rage aiki, domin a gefen amsa ana so a rubuta "duba shafi na 9". In babu, minti goma sun isa a sa lambobin da fensir kafin a fara. Wanda aka riga aka tsara masa gurabe, wurin suna, wurin taurarin nuna yadda littafi ya yi daɗi, layi biyar na sharhi, an yi shi ne don littattafai da yawa, kowanne shafi ɗaya ko biyu. Labari mai babi 48 zai cike gurbinsa tun kafin a kai babi na 3.