Wanda ya kalli bidiyo da wanda ya shiga shafi: wa za a bi da talla?

«Ina sayar da turaren wuta da humra nan Damagaram. Ina saka bidiyo a Fesbuk, ɗana kuma ya buɗe mini shafin intanet, amma ciniki duk a Watsaf muke gamawa. An ce ana iya maida talla ga waɗanda suka riga suka gan ni. Masu kallon bidiyo zan bi ko masu shiga shafi? Ba na son in zame wa mutane ƙarfen ƙafa.»

Hajiya, masu kallon bidiyo za ki bi. Shafin ki bar shi tukuna, zan faɗa miki dalili.

Dukansu biyu wuri ɗaya ake haɗa su. A Gestionnaire de publicités, wato wurin sarrafa talla na Fesbuk, ki shiga Audiences, ki zaɓi Audience personnalisée, sai a tambaye ki inda za a ɗebo mutanen. In kika taɓa Vidéo, ba ki bukatar komai sai bidiyon da kika riga kika saka, domin a cikin gidan Fesbuk aka kalle shi, su ke da lissafin. Za a ba ki zaɓi: wanda ya kalli daƙiƙa 3, ko 10, ko 15, ko kashi 25, 50, 75, 95 cikin ɗari, kuma kina iya komawa baya har kwana 365. In kika taɓa Site web, sai an riga an dasa Pixel a cikin shafin, wato ɗan rubutun da ke kai wa Fesbuk rahoton wanda ya shigo da abin da ya duba. Wannan iyakarsa kwana 180, kuma bai san kowa ba sai daga ranar da aka dasa shi.

A ƙa'ida mai shiga shafi ya fi ɗumi. Wanda ya bar Fesbuk ya buɗe shafinki ya duba kuɗin kwalbar humra, kamar wanda ya shigo shago ne ya taya. Mai kallon bidiyo kuwa wucewa yake ya ɗan waiwayo. Amma a wurinmu masu shiga shagon ba su da yawa. Mutum ya taɓa talla, intanet ta yi nauyi, shafi bai buɗe ba, ya koma abinsa, Pixel bai gan shi ba. In an dasa Pixel, kina iya gani da idonki: ki jera Clics sur un lien da Vues de page de destination, ratar da ke tsakaninsu su ne waɗanda suka ɓace a hanya. Ga kuma masu iPhone, tun 2021 da iOS 14.5 ta fito ana tambayarsu ko sun yarda a bi sawunsu, wanda ya ƙi ba kasafai ake kama shi ba. Abin da ya rage sau da yawa ɗan taro ne, kuma ƙaramin taro shi talla ta fi saurin gundura.

Bidiyo ma yana da nasa tarko. Kada ki ɗauki masu daƙiƙa 3. Bidiyo da kansa yake tashi, mutum na amsa sallama ya cika daƙiƙa 3 bai san me ya wuce ba. Ki ɗauki kashi 50 zuwa sama, ki kuma dubi tsawon bidiyon: rabin mai daƙiƙa 20 daƙiƙa 10 ne kawai, rabin mai minti 2 kuwa minti guda cur, wadda ta zauna minti guda tana kallon hayaƙi na tashi daga kasko tana da niyya. Kwanakin ma kada ki cika 365 don an ba ki. Turare ba fili ba ne da za a shekara ana shawara. Kwana 14 zuwa 30 ya isa, ana cika wa'adin mutum ya fita daga taron da kansa.

Yanzu zancen gundura, wanda ni na koye shi da kunya. Kafin Layya na riƙe wa wani ɗan'uwana baduku talla, takalma da alabe. Taron masu kallon rabin bidiyo ne, na zuba sefa 3,000 a rana ina ganin na yi abin kai. Ranar Alhamis a kasuwar Dole wani dattijo ya riƙe hannuna, ya ɗaga ƙafa ya nuna mini takalmin. Ya ce, «Yaro, ga shi a ƙafata kwana biyar, me kuke nema kuma? Da asuba ku, bayan lisha ku.»

Da na koma gida na buɗe lissafi. A lokacin nuni 1,000 yana cin mini kusan sefa 600, ke nan jika 3 na sayen nuni 5,000 a rana, 35,000 a sati. Mutanen da tallar ta kai gare su, abin da aka rubuta a ƙarƙashin Couverture, 2,500 ne. Raba 35,000 gida 2,500, kowa ya ga takalmi ɗaya sau 14 a sati guda. Wannan adadin ba sai kin yi lissafi ba, yana nan a layin Répétition, ni ne ban duba ba. Fesbuk bai yi laifi ba: kuɗi na ba shi, mutane kaɗan na nuna masa, ya yi ta zagaya su.

To ki juya lissafin. Ki fara da sau nawa kike so a gan ki, sannan ki fid da kuɗin. Ni yanzu sau 3 a sati nake nufa. Mutum 2,500 sau 3 nuni 7,500 ke nan, a wancan farashin sefa 4,500 a sati, bai kai ɗari bakwai a rana ba. Naki farashin zai bambanta, ki ɗauko shi daga layin CPM, wato kuɗin nuni 1,000. In kika zaɓi manufar Notoriété, akwai wurin da za ki kafa iyakar da hannunki, misali sau 2 cikin kwana 7. A tallar da ke tura mutane Watsaf kuwa kuɗin ne linzaminki. Alamar an fara gajiya da ke ba ta ɓuya: Répétition na hawa, saƙonni na raguwa, kuɗin kowane saƙo na ƙaruwa. Daga nan sai a fara taɓa miki Masquer la publicité, wato a ɓoye tallar, wanda ke rage darajarta.

Inda shafi ya fi bidiyo nesa ba kusa ba shi ne cire wanda ya saya. In a shafi ake biya, Pixel na rubuta `Purchase`, sai ki ce a cire su, shi ke nan. Ke kuwa a Watsaf ake daidaitawa, a turo kuɗi ta Nita ko Amana, ki ba ɗan kabu-kabu kaya ko ki sa a mota zuwa Maraɗi ko Agadas. Duk wannan Fesbuk bai gani ba. A wurinsa wadda ta saya jiya har yanzu mai kallo ce, shi ya sa dattijona ya sha wahala.

Da hannu za ki gyara. Ɗanki ya jera lambobin masu saye a takardar CSV, kowace da 227 a gaba, ya ɗora ta a Liste de clients, sannan a cikin tallar ya sa wannan taron ƙarƙashin Exclure. Kowane sati a ƙara sababbi. Ba duka za a gane ba, domin sai lambar ta dace da wadda mutum ya ba Fesbuk, mutanenmu kuma masu layi biyu ne da uku. Kuma ki sanar da masu sayenki abin da kike da lambarsu, amana ce.

Abu na ƙarshe, kada ki maida musu bidiyon da suka riga suka kalla. Sun ga hayaƙin, yanzu abin da ya hana su magana suke jira: nawa ne kwalbar, tana kwana nawa, ana kaiwa Birni da Garin Malam kyauta ko da kuɗin kabu-kabu. Hoto ɗaya da farashi a jiki ya wadatar, bayan kwana 10 ki canza shi. Pixel ɗin kuma ɗanki ya dasa shi tun yau ya yi ta tara mutane; in kuka fara karɓar kuɗi a shafin, ki dawo mu haɗa taron.